Yadda motocin cikin wani tsohon hoto suka raba gardamar gidanmu

1/ Zare ne mai ɗan tsawo, ku gyara zama. Zan ba ku labarin wani tsohon hoto da ya daɗe yana jawo musu tsakanin Ummata da ƙanwarta, da yadda motocin da ke bayan hoton suka raba gardamar. A hanya za ku koyi yadda ake kallon hoton titi a gane ko ta hannun dama ake tuƙi ko ta hagu. Ni ma sai da na yi kuskure mai kunya kafin na iya.

2/ Kakana na wajen uwa direban babbar mota ne a Kano. Ya rasu a 1976. Hotonsa guda ɗaya tak ya rage a duniya: baƙi da fari, yana tsaye a bakin titi cikin babbar riga, ya rungume wata jaririya. Babu kwanan wata a bayan hoton, babu hatimin mai hoto. Kakata da za ta faɗa mana ita ma ta riga mu gidan gaskiya.

3/ To wace ce jaririyar? Ummata an haife ta a 1970. Ƙanwarta, wadda muke kira Inna, an haife ta a farkon 1974. Kowacce ta ce ita ce. Asalin hoton yana wajen Inna, cikin akwatinta. Tana da shekara biyu mahaifinsu ya rasu, ba ta tuna ko muryarsa, don haka kun san abin da hoton nan yake nufi a wajenta.

4/ Wata rana Inna ta ɗauki hoton da wayarta ta turo zauren danginmu. Musu ya tashi sabo. Masu cewa goshin Umma ne, masu cewa hancin Inna ne. Jarirai kuwa duk kamarsu ɗaya. Ni sai idona ya bar fuskokin ya koma kan titin da ke bayansu, saboda na tuna wani abu da tsofaffi ke kira canjin hannu.

5/ Ga tarihin a taƙaice. Ba tun fil'azal ake tuƙi ta hannun dama a Najeriya ba. Turawan Ingila ta hagu suke tuƙi a ƙasarsu, haka suka dasa mana. Tun zamanin mulkin mallaka, har aka sami 'yancin kai a 1960, har aka gama yaƙin basasa a 1970, direban Najeriya hagu yake riƙewa, sitiyarinsa kuma yana dama.

6/ Matsalar ita ce maƙwabta. Nijar, Chadi, Kamaru da Dahomey (Benin ta yanzu) duk ta dama suke tuƙi, irin na Faransa. Direban da ya taso daga Katsina zai je Maraɗi, da ya wuce Jibiya ya tsallaka iyaka dole ya sauya hannu. Haka wanda ya bi ta Daura zuwa Damagaram. Da ya juyo gida ya sake komawa hagu.

7/ Ƙasashen yammacin Afirka da Ingila ta mallaka sai suka riƙa sauyawa ɗaya bayan ɗaya. Gambiya a 1965. Saliyo a 1971. Najeriya ranar Lahadi 2 ga Afrilu 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon. Ghana ta biyo baya ranar 4 ga Agusta 1974. Can gabas, Sudan ta sauya a 1973. Ku riƙe waɗannan shekarun, za su yi mana amfani a gaba.

8/ Wata tara bayan canjin hannu aka yi canjin kuɗi: ranar 1 ga Janairu 1973 naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule. Shi ya sa in ka tambayi dattijo shekarun wani, sai ka ji ya ce "ai kafin canjin hannu aka haife shi", ko "shekarar canjin kuɗi". Da su ake lissafi.

9/ Kun ga inda na dosa. In motocin cikin hoton ta hagu suke tafiya, an ɗauke shi kafin 2 ga Afrilu 1972, lokacin ba a haifi Inna ba. In ta dama suke, an ɗauke shi bayan ranar, lokacin Umma ta kusa shekara biyu ko ta wuce, ba jaririyar goye ba ce. Titin zai faɗi abin da fuska ta kasa.

10/ Yanzu yadda ake dubawa. Abu na farko: tambayi kanka a ina mai hoton ya tsaya. Ko dai yana kallon tsawon titin, ya miƙe ya yi nisa a cikin hoton, ko kuma yana gefe yana kallon titin a gicciye, motoci na wucewa ta gabansa. Kowanne da dokarsa.

11/ In titin ya miƙe a gabanka, nemi motocin da kake ganin bayansu, wato waɗanda suka ba ka baya suna tafiya. Su ne ke tafiya inda kai ma kake kallo, damarsu ita ce damarka. In suna ɓangaren dama na titin, tuƙin dama ne. In suna ɓangaren hagu, tuƙin hagu ne. Masu tahowa suna ɗaya ɓangaren.

12/ Inda mutane ke rikicewa shi ne su kama motar da ke fuskantarsu. Ka ga mota tana tahowa a hagun hoto sai ka ce "hagu ake bi". A'a. Ita tana kallonka ne, hagunka damarta ce. Shi ya sa na ce a fara da masu ba da baya, ba sai ka juya komai a ƙwaƙwalwa ba.

13/ In kuma a gicciye aka ɗauki hoton, dubi layin da ya fi kusa da mai hoton. A tuƙin dama, motocin layin kusa daga hagunka suke fitowa su nufi damarka. A tuƙin hagu, daga dama suke fitowa su nufi hagu. Gobe ka tsaya bakin titin unguwarku ka gwada: motar da za ta fara iso ka daga hagu take zuwa.

14/ Sharaɗi ɗaya: sai ka ga motoci suna tafiya ta fuska biyu. In duk sun nufi waje ɗaya, ƙila titin mai hannu ɗaya ne, ƙila rabin tagwayen hanya ne kawai ya fito a hoton. Irin wannan ba ya ba da hukunci. Mota ɗaya tilo ma ba hujja ba ce, tana iya yiwuwa wuce wani take yi ko kauce wa rami.

15/ Motar da aka ajiye ita ma shaida ce mai rauni. Mu da muka san yadda ake ajiye mota a ƙasar nan, mutum zai tsallaka ya tsaya a ƙofar shagon da yake so ko da ya juya wa hanya baya. In jerin motoci goma ne duk sun kalli waje ɗaya, to da ɗan dama-dama. Guda ɗaya ko biyu, a bar su.

16/ Shataletale kuwa, in ka same shi a hoto, ka huta. A tuƙin dama, kamar yadda muke yi yanzu, motoci suna zagaya shi saɓanin yadda hannun agogo ke tafiya. A tuƙin hagu, suna bin hannun agogo. Hoton kakana babu shataletale, amma na faɗa ne don naku hotunan.

17/ Mu koma kan hotonmu. Titin ya miƙe a bayan kakana. A ciki akwai babbar mota mai bodin katako da ta ba da baya, da masu keke biyu a bayanta, su ma sun ba da baya. Ga kuma wata Boksuwaja tana tahowa. Fuska biyu ke nan, sharaɗi ya cika.

18/ A hoton da Inna ta turo, babbar motar da masu keken suna dama. Boksuwaja tana tahowa ta hagu. Tuƙin dama ƙarara. Na ƙara girman hoton na dubi direban Boksuwajar ta gilashin gaba: kansa yana ɓangaren da ya fi kusa da tsakiyar titi, inda direban mota mai sitiyarin hagu zai zauna. Komai ya dace.

19/ Sai na yi abin da bai kamata ba. Na rubuta dogon bayani a zauren dangi, har da zana kibiyoyi, na yanke hukunci: bayan Afrilun 1972 ne, jaririyar Inna ce. Aka yi ta tafi. Umma ba ta ce komai ba a zauren. Da daddare ta ce min, "To, tunda kai ka yi boko." Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai.

20/ Kwana uku bayan nan ina sake kallon hoton, ba motoci nake kallo ba, kakana nake kallo. Sai na ji wani abu bai zauna daidai ba a rigarsa. Na ɗauko hoton ɗaurin auren wani abokina na ajiye su gefe da gefe. Aljihun babbar rigar kakana yana ɓangaren da bai kamata ba.

21/ Duk wanda ya taɓa sa babbar riga ya san babban aljihun, inda aikin ya fi yawa, a ƙirjin hagu yake, don hannun dama ya shiga cikin sauƙi. In mutum yana fuskantarka a hoto, hagunsa yana damarka. Don haka aljihun ya kamata ya fito a daman hoton. Na kakana a hagun hoton yake. Hoton a juye yake, kamar a madubi.

22/ Na kira Inna. "Inna, da wace kyamara kika ɗauki hoton Baba?" Ta ce, "Ai ta bayan ta fashe tun bara, ɗan nan. Da ta gaba na ɗauka, na riƙe hoton a gabanta." Shi ke nan. Wayoyi da yawa suna ajiye hoton kyamarar gaba a juye, yadda kake ganin kanka a madubi, sai in an kashe wannan a saitin wayar.

23/ Ba wayar zamani kaɗai ke yin haka ba. A zamanin fim, in mai wanke hoto ya kifa fim ɗin ta baya, hoton zai fito a juye. Masu ɗora tsofaffin hotuna da bidiyo a intanet su ma wani lokaci suna juya su da gangan. Saboda haka kafin ka ƙirga mota ko ɗaya, fara tabbatar da cewa hoton ba a juye yake ba.

24/ Ga darasin da ya fi ƙona ni. Na ɗauka ina da shaidu biyu, layin motoci da mazaunin direba, kuma sun yarda da juna. Amma madubi duka yake juyawa lokaci guda. Tuƙin hagu da sitiyarin dama, in aka juya, sai su koma tuƙin dama da sitiyarin hagu, cif. Shaidun nawa biyu ashe bakinsu ɗaya, ƙarya ɗaya suka faɗa min tare.

25/ Abin da ke tona juyi shi ne abin da ba ruwansa da titi. Na farko rubutu: allon shago, lambar mota, rubutun da ake yi a jikin manyan motoci. Boko daga hagu yake farawa, ajami daga dama, kuma haruffan da aka juya ba sa ɓuya. Na biyu tufafi: aljihun babbar riga, ko rigar maza mai maɓalli, wadda ɓangaren hagu ke hawa kan na dama.

26/ Agogon hannu kada ka dogara da shi, wasu a dama suke ɗaurawa. Karin hula ma haka, kowa da inda yake karya tasa. Amma agogon bango ko na hasumiya, in lambobinsa sun fito, shaida ne mai kyau. In kuma ka san wurin, dubi gine-ginen: wanda ka sani a dama yana dama?

27/ Ranar Asabar na je gidan Inna na roƙi ta fito da asalin. Ta buɗe akwati, ta warware shi daga cikin wani ɗankwali. Aljihu yana daman hoto, yadda ya kamata. Rubutun bayan babbar motar ya dushe, amma haruffan da suka rage a miƙe suke. Wannan shi ne hoton na gaskiya.

28/ Na sake karanta titin daga farko. Babbar mota da masu keke, waɗanda suka ba da baya, suna hagu. Boksuwaja tana tahowa ta dama. Direbanta yana ɓangaren tsakiyar titi, wato sitiyarin dama. Tuƙin hagu ne, babu tantama. Gabana ya faɗi, don na san abin da zan faɗa wa matar da ke zaune kusa da ni.

29/ Kafin na buɗe baki, bari na yi muku bayanin sitiyari, don shi ne tarko na biyu. A ƙa'ida direba yana zama ta ɓangaren tsakiyar titi, don ya hango mai tahowa in zai wuce wani. Ƙofar fasinjan bas kuma tana ɓangaren bakin titi. Amma wannan ƙa'idar masu ƙera mota ce, ba dokar hanya ba.

30/ Ranar 2 ga Afrilu 1972 hannu aka sauya, ba motoci ba. Motocin da ke ƙasar masu sitiyarin dama sun ci gaba da aiki shekaru bayan nan, a kan hannun dama. Don haka in ka ga sitiyarin dama a tsohon hoton Kano ko Kaduna, bai isa ka ce kafin canji ba ne. Zai iya zama 1975.

31/ Ba mu kaɗai ba. Suwidin ta koma tuƙin dama ranar 3 ga Satumba 1967, amma tun kafin nan yawancin motocin ƙasar sitiyarin hagu ne, a kan hannun hagu. Myanmar ta koma dama a 1970, amma titunanta sun cika da tsofaffin motocin Japan masu sitiyarin dama. Wanda ya bi sitiyari a hotunan ƙasashen nan zai faɗi warwas.

32/ Saboda haka jerin ƙarfin shaida a wajena shi ne: layin motoci masu tafiya ta fuska biyu da zagayen shataletale su ne a sama. Sai allunan hanya, waɗanda galibi ake kafawa a ɓangaren da direba ke bi, suna kallonsa. Sitiyari, ƙofar bas da motocin da aka ajiye suna ƙasa, masu goyon baya ne kawai.

33/ Tarko na uku shi ne wuri. Shekarar 1972 ta Najeriya ce kaɗai. Kakana direba ne, yana zuwa Nijar. Da a ce sakamakon ya tsaya a tuƙin dama, to ko ba juyi hukuncina na farko gurgu ne: hoton Maraɗi ko Damagaram na 1970 ma tuƙin dama zai nuna. Ban ma yi wannan tunanin ba lokacin da nake zana kibiyoyi.

34/ Tuƙin hagu ya cire Nijar daga lissafi. Amma ɗan Inna, wanda ke zaune yana jinmu, ya kawo magana mai ma'ana: Ghana fa? Hausawa 'yan goro suna zuwa Kumasi, kuma can hagu ake bi har watan Agustan 1974. An haifi Inna a farkon shekarar. In a Kumasi aka ɗauka, lissafi ya koma wajenta.

35/ Muka sake duƙufa kan hoton. Can sama, bayan bodin babbar motar, ga hasumiya biyu da ƙubba a tsakaninsu. Babban Masallacin Juma'a na cikin birnin Kano ne, ginin da aka yi a farkon shekarun 1950, kusa da Gidan Sarki. Inna da kanta ta nuna da yatsa. Kano ce, kuma ana tuƙi ta hagu. Kafin 2 ga Afrilu 1972 ke nan.

36/ Nan ne iyakar abin da titi zai iya faɗa. Bai ce 1970 ba, bai ce 1965 ba, ya ce dai ba a wuce wannan ranar ba. Bai ce Umma ce ba, ya ce dai ba Inna ba ce. Akwai Kawu, yayansu, da aka haifa a 1967. Abin da ya cire shi ba mota ba ce, ɗan kunnen da ke kunnen jaririyar ne. Kafin 1972 kuwa 'ya mace ɗaya kakana ya haifa.

37/ Inna ta daɗe tana kallon hoton ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Ashe ni ko hoto ban samu da shi ba." Na rasa abin cewa. Duk bayanin hannun dama da hagu da na zo da shi, a lokacin ji na yi da ma na bar shi a gida.

38/ Na koma na faɗa wa Umma, na ba ta haƙuri kan hukuncin da na yanke da gaggawa a gaban dangi. Na zaci za ta ce a karɓo mata hotonta. Sai ta ɗauki waya ta kira ƙanwarta. Ina ji Inna ta ce, "Yaya, gobe zan aiko miki da shi." Umma ta ce, "Kada ki soma. Ni na san muryarsa. Ki riƙe."

39/ Hoton yana nan cikin akwatin Inna. Mun kai an kwafe shi da na'ura, a miƙe wannan karon, kowa ya sami nasa, kuma na rubuta a bayan kowanne: Kano, kafin Afrilu 1972. Na kuma koma zauren dangi na janye maganata ta farko, da kibiyoyin da komai.

40/ In kuna son gwada idonku, ku fara da fim ɗin Indiya na gaba da za ku kalla. Can har yau hagu ake bi, haka Pakistan, Kenya, Uganda da Afirka ta Kudu. Ku tsayar da fim ɗin a wajen titi, ku nemi masu ba da baya. Sannan ku kwatanta da hoton Makka ko Madina, inda dama ake bi kamar mu.

41/ In kuma akwai tsohon hoton titi a gidanku mara kwanan wata, ku bi wannan jerin: a juye yake ko a miƙe, wane gari ne, motoci na tafiya ta fuska biyu, sannan masu ba da baya suna wane ɓangare. Ku turo nan mu duba tare, amma don Allah da kyamarar baya. Allah ya jiƙan magabatanmu.